Rahoton Saɓa Ƙa'idar Aiki Mai Lamba NCR-007: Kankaren Ginshiƙan Ƙasa Bai Kai Ƙarfin Da Aka Yi Yarjejeniya Ba

Aiki: Ginin ajujuwa mai hawa ɗaya, ɓangaren gabas
Daga: Injiniya mai sa ido a madadin mai aiki
Zuwa: Injiniyan ɗan kwangila da ke wurin aiki
Kwafi: Injiniyan da ya zana ginin, da mai ƙididdigar kuɗin aiki
Rana: Talata, 11 ga Maris, 2025
Matsayi: A buɗe. An dakatar da aiki a kan ginshiƙan da abin ya shafa.

Injiniya, bayan gaisuwa da fatan ana shan ruwa lafiya.

Abin da aka samu

Ranar Litinin 10 ga Fabrairu aka zuba ginshiƙai 12 na ƙasa, daga layin A1 zuwa A6 da kuma B1 zuwa B6. Takardar ƙa'idojin aiki ta ce kankaren ya zama C25/30, wato kiyub mai faɗin milimita 150 ya kai 30 N/mm² a kwana 28. An ɗebi samfuri sau uku yayin zubin. Jiya aka fasa kiyub biyu daga kowane samfuri a ɗakin gwaji, bisa tsarin BS EN 12390-3, ni da foman ɗinku muna tsaye.

Samfuri na 1 (A1 zuwa A4): 24.5 da 25.3, matsakaici 24.9 N/mm²
Samfuri na 2 (A5 zuwa B2): 22.8 da 23.6, matsakaici 23.2 N/mm²
Samfuri na 3 (B3 zuwa B6): 27.0 da 28.2, matsakaici 27.6 N/mm²

Sharaɗin karɓa da muka rattaba wa hannu, wanda aka ɗauko daga BS EN 206, biyu ne: kada wani samfuri ya gaza 26, kuma matsakaicin ukun kada ya gaza 31. Na 1 da na 2 sun faɗi sharaɗin farko. Matsakaicin ukun 25.2 ne, saboda haka na biyun ma bai cika ba. Na 3 ya tsallake shi kaɗai, amma yana cikin lissafin da ya faɗi, don haka ginshiƙai 12 ɗin duka suna ƙarƙashin wannan rahoto.

Abin da takardu da ido suka nuna

Wannan rahoto bai ce ga musabbabi ba, bai kuma ɗora wa kowa laifi ba tukuna. Kiyub ya faɗi, wannan tabbas ne. Ko kankaren da ke jikin ginshiƙan ne mai rauni, ko kuwa kiyub ɗin ne ba a yi shi yadda ya kamata ba, gwaji ne zai raba gardama.

Na farko ruwa. Takardar zubi ta nuna kwaɓin da aka ɗebi samfuri na 2 daga cikinsa ya zauna da milimita 150 a gwajin mazurari, alhali iyakar da aka amince ita ce 50 zuwa 100. Mai kula da injin kwaɓi ya gaya mini da bakinsa cewa da rana ta take sun ƙara bokiti ɗaya a kowane kwaɓi, domin kankaren yana ƙin gangarawa tsakanin rodi. Na fahimci dalilinsa, iskar hunturu tana busar da kwaɓi tun yana cikin baro. Amma ruwan da ya wuce kima ƙofofi yake bari idan ya ƙafe, ƙarfi kuma ya tafi da shi. Samfurin da ya fi ruwa shi ne ya fi faɗuwa, wannan kuwa abin lura ne.

Sai siminti. Kwaɓin gwajin da aka amince da shi a watan Janairu da siminti mai daraja 42.5 aka yi shi. Buhunan da na ƙirga a bayan sito ranar 12 ga Fabrairu, 32.5 ne a rubuce a jikin mafi yawansu. Ban ga takardar neman izinin canjin ba.

Su kansu kiyub ɗin ba su sami kulawa ba. Ƙa'ida ita ce a cire su daga mazubi bayan awa 16 zuwa kwana 3, a nutsa su cikin ruwa mai sanyin kusan digiri 20 har ranar gwaji. Ranar 19 ga Fabrairu na tarar da duron da aka ajiye su a tsakar rana, ruwan bai kai rabinsu ba, wani lebura ma ya ɗora kwanon tuwonsa a kan na sama. Ɗaya daga cikin na samfuri na 2 gefensa a gutsure yake, fuskarsa duk ramuka kamar saƙar zuma. Nauyinsu ya kama daga kilo 2,290 zuwa 2,340 a kowace mita kiyubik, ƙasa da kusan 2,400 da kwaɓin gwaji ya bayar, alamar ba a daddanna su sosai ba. Wannan zai iya zama hujja a gare ku, amma hujja ce da sai an tabbatar da ita a jikin ginin, ba a baki ba.

Akwai nawa sakacin, kuma na rubuta shi a nan. Sakamakon kwana 7 ya fito 15.8 da 16.4 da 18.9, inda muke sa ran kusan 20. Gargaɗin baki kawai na yi wa foman, ban rubuta ba. Shi ya sa yau kafintoci sun riga sun kafa katakon bim a kan ginshiƙan, an fara ɗaurin rodin dekin.

Abin da ake buƙata

1. Daga yau kada a zuba bim ko dekin, kada kuma a jibge bulo, rodi ko buhunan siminti a kan ginshiƙan nan. A shafa wa kowanne jan fenti da lambarsa. Aiki a ɓangaren yamma ya ci gaba.

2. Zuwa Alhamis 13 ga Maris a buga gudumar gwaji a kan duka 12, da kuma uku daga ginshiƙan yamma da suka ci gwajinsu, bisa BS EN 12504-2. Guduma ba ta wanke kankare. Nuna mana za ta yi inda ya fi rauni domin mu san inda za a huda.

3. A yanko curi uku aƙalla daga ginshiƙan da suka fi rauni bisa BS EN 12504-1, a ɗakin gwajin da mu biyu muka yarda da shi. A fara gano inda rodi yake da na'ura kafin a sa injin. Ba a huda sai ina wurin, kuma a cike ramin da turmin gyara marar tsukewa a ranar.

4. Za a fassara sakamakon bisa BS EN 13791, a miƙa wa injiniyan da ya zana ginin. Shi ne zai ce a karɓa yadda suke, ko a yi musu riga ta sabon kankare da rodi, ko a rushe a sake. Ba ni da ikon yanke wannan, ku ma ba ku da shi.

5. Kafin zubi na gaba a kawo tankin jiƙa kiyub mai murfi a inuwa, da bokiti mai alamar awo a gindin injin kwaɓi, da rasit ɗin simintin da aka yi amfani da shi ranar 10 ga Fabrairu. Idan da 32.5 kuke son ci gaba, sai an sake kwaɓin gwaji.

Ba za a sa ginshiƙan nan a takardar biyan kuɗi ta wannan wata ba har sai an rufe rahoton. Wanda zai ɗauki kuɗin gwaji da na gyara, yarjejeniyar kwangila ce za ta faɗa bayan sakamako ya fito.

Ina jiran amsarku a rubuce zuwa Talata 18 ga Maris: abin da bincikenku ya nuna shi ne sanadi, gyaran da kuke ba da shawara, da matakin hana maimaituwa. In akwai abin da na rubuta wanda kuke ganin ba haka ya faru ba, ku faɗa a amsar, ku haɗo da takardar da ke nuna hakan.

Sa hannu a kan kwafin nan shaidar karɓa ce kawai, ba amsa laifi ba.

Na gode.

Injiniya mai sa ido
An miƙa hannu da hannu a ofishin wurin aiki, ƙarfe 10:20 na safe.