Godiyar tawagar rigakafin shan-inna ranar karɓar lambar yabo

An ce kowa daƙiƙa talatin zai samu a gaban makirufo, mu huɗu kuma tare za mu hau. Ga abin da kowa zai faɗa, bi da bi.

Shugabar tawaga: Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe hakimi, iyayenmu da 'yan uwa, mun gode ƙwarai. Sunana aka kira, amma mu huɗu muka taka kowane lungu na wannan mazaɓa, tun ƙarfe bakwai na safe har rana ta take. Maigida, kai ne ka ce in tafi, za ka kai yara makaranta, kuma ba ka taɓa fasawa ba. Hajiya surukata, ke kika riƙe mini jaririya kwana huɗu a jere duk zagaye. Allah ya saka muku da alheri.

Mai ɗiga magani: Aikina ɗigo biyu ne a bakin yaro, sai in shafa masa tawada a ƙaramin yatsa. Yayana yana can baya a kan kekensa na guragu. Shan-inna ta kama shi yana ɗan shekara uku, Inna ta goya shi har ya fi ƙarfin bayanta. Yaya, duk gidan da aka rufe mana ƙofa, kai nake tunawa, sai in sake yin sallama. Inna, wannan takarda a ɗakinki za a rataye ta. 'Yar uwata mai rubutu, na gode da kika riƙa karɓar mini akwatin ƙanƙara idan kafaɗata ta gaji.

Mai rubutu: Ni ce mai alli, duk alamar da kuka gani a bangon gidajenku hannuna ne. Baba, na gode da ka bar ni na gama sakandare lokacin da ake ta yi maka surutu. Anti shugaba, ke kika koya mini cike takarda ba tare da na tsallake yaro ko ɗaya ba. Na gode.

Wakilin mai unguwa: Ranka ya daɗe, ni nawa shi ne in tsaya a ƙofar gida in yi magana da masu gida. Tun wadda aka samu a Sumaila a 2014, ba a sake samun ainihin ƙwayar shan-inna ta daji a jihar Kano ba, a watan Agustan 2020 kuma aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita. Ƙafafun irin waɗannan mata ne suka kai mu nan, na gani da idona. Ina godiya ga uwargida da ta riƙe mini shago duk ranar da na fita, da limaminmu da ya yi sanarwa bayan sallar Asuba. Iyayen da suka miƙo mana 'ya'yansu, Allah ya raya muku su. Wassalamu alaikum.