Amsa kan tayin sidi 5,000

Assalamu alaikum Alhaji, barka da dare, ya gida ya iyali. Malam Sani ya kawo min saƙonka jiya bayan la'asar har da takardar da aka ce in sa hannu a kan sidi 5,000 magana ta mutu. Na gode da ka aiko tun ban bi ka ba, wallahi na ga girman wannan. Amma Alhaji ka yi haƙuri, 5,000 ba zan iya karɓa ba, takardar ma na mayar masa ban sa hannu ba.

Ba taurin kai ba ne. Direbanka da bakinsa ya faɗa gaban 'yan sanda cewa shi ya yo baya da Kia ɗin ya danne pragya ɗina a Aboabo tana tsaye a gefen titi. Fita na Suame ya duba ya rubuta 9,200, gaban duk ya lotse, gilashi ya tarwatse, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ya karkace dole sai sabo don in aka miƙe shi aka ɗauki fasinja ran mutane ake wasa da shi. Bashiru kuma da ke tuƙa min ita hannunsa na cikin filasta har yanzu, hoton ƙashi da ɗauri da magani sun ci 2,300, risit duk suna nan a leda, yaron nan ko buta ba ya iya ɗagawa da hannun sai ƙaninsa ya zuba masa ruwan alwala.

Ga shi mashin ɗin ban gama biyan kuɗinsa ba, duk sati 700 nake kai wa mai shi ko ya fita ko bai fita ba, sati 3 ke nan yana ajiye, 2,100 daga aljihuna. Duka ya kama 13,600. Cinikin da na rasa a kwanakin nan ban sa a lissafi ba, wannan na yafe saboda mutuncinka da zaman da ka yi da marigayi babana.

Na san kasuwa ba daɗi yanzu, ban ce ka zube duka rana ɗaya ba. In za ka fara ba da 7,000 fita ya kama aiki, sauran a raba wata biyu ta Momo, na yarda. In kuma kana ganin an tsuga kuɗin gyaran, turo naka fitan ya je ya gani da idonsa, abin da su biyun suka tsayar ni ba zan yi musu ba. Ko in inshorar motar za ta ɗauki wani abu a ciki, sai mu bi ta nan tare.

Kotu ba na son mu kai can Alhaji, unguwa ɗaya muke. Ranar Juma'a bayan an sauko daga babban masallaci in kana da sarari mu zauna a zauren Malam Sani, zan zo da risit ɗin da Bashiru. In ranar ba ta yi maka ba faɗi wadda ta yi. A gaida Hajiya.

Ɗanka, Iliyasu