Yadda za ku karanta diyapo na kimiyyar sinadaran karbon ba tare da kibiyoyi sun rikita ku ba

Ƙannena ƴan aji biyu, salamu alaikum. Da yawanku kun tare ni, wasu a bakin ɗakin karatu, wasu ta salula, kuna kukan abu guda: malam ya turo diyapo sun fi sittin, kowane shafi cike da lanƙwasassun kibiyoyi, ga jarrabawa saura mako uku. Maimakon in riƙa amsa wa kowa shi kaɗai, na ga gara in rubuta wannan ku yi ta miƙa wa juna.

Ku fara sanin inda matsalar take. Da malam a kan allo yake zane, da kun ga kibiyar da ya fara ja, sannan wadda ta biyo ta. Diyapo kuwa zubo muku komai yake yi lokaci guda, farko da tsakiya da ƙarshe duk a shafi ɗaya. Aikinku shi ne ku mayar wa shafin da jerin da ya rasa, kuma ba a yin haka da ido kawai. Wanda ya kwanta a tabarma yana murza salula da babban yatsa har shafi na sittin zai tashi yana jin ya gane, ranar jarrabawa a ba shi farar takarda ya rasa ta inda zai kama. Ku nemo kaye da bik mai launi biyu, ɗaya na atom da ɗauri, ɗaya na kibiyoyi kaɗai.

Lanƙwasasshiyar kibiya aiki ɗaya gare ta: nuna inda elektiron suka taso da inda suka sauka. Ba ta nuna tafiyar atom. Mai cikakken kai tana ɗauke da elektiron biyu, mai rabin kai kamar ƙugiyar kamun kifi tana ɗauke da ɗaya. Wutsiyarta dole ta zauna kan wurin da elektiron suke, wato kan ɗigo biyun nan na tagwayen da ba su shiga ɗauri ba, ko kan layin ɗauri. Kanta kuma yana sauka kan atom da zai karɓe su, ko a tsakanin atom biyu inda sabon ɗauri zai kasance. Tun 1922 Robert Robinson da abokin aikinsa Kermack suka fara amfani da wannan alama a Birtaniya, kuma har yau ma'anarta ke nan, ko da Faransanci aka rubuta darasin ko da wane harshe.

To ta yaya za ku san wa ke da elektiron, wa ke nema? Kafin ku dubi kibiya ko ɗaya, ku rufe su da yatsa ku dubi sinadaran. A ma'aunin Pauling na ƙarfin jan elektiron, karbon yana da 2.55, Br yana da 2.96, N yana da 3.04, O yana da 3.44. Duk inda karbon ya ɗauru da wanda ya fi shi ƙarfin ja, an janye masa rabonsa, sai ku rubuta masa δ+. Can za a kai hari. Mai kai harin kuwa shi ne mai cajin ragi, ko mai tagwaye a sake, ko ɗauri mai layi biyu. A diyapo za ku ga an rubuta masa nucléophile ko Nu, wanda ake kai wa harin kuma électrophile. In kun yi wannan alama da hannunku, sau da yawa za ku iya faɗin inda kibiya ta farko za ta nufa tun ba ku ɗaga yatsa ba.

Mu ɗauki shafin da kusan kowa ya nuna mini:

```
HO⁻ + CH₃–Br → CH₃–OH + Br⁻
```

Kibiyoyi biyu ne a nan. Ta farko ta taso daga tagwayen O ta sauka kan karbon. Ku tsaya nan tukuna, kada ku dubi ta biyu, ku ƙirga. Karbon yana da H uku, yana da Br, ga O ya shigo: ɗauri biyar ke nan, alhali karbon ba ya wuce huɗu, don elektiron takwas kaɗai zagayensa na waje ke ɗauka. Dole wani ya fita. Shi ya sa kibiya ta biyu ta taso daga tsakiyar layin C–Br ta sauka kan Br, ya tafi da elektiron biyun ya zama Br⁻. Kun ga ta biyun ba sai an haddace ta ba, ta farko ce ta tilasta ta. Ku lura kuma da gefen da aka zana HO⁻: kullum ta bayan karbon, a gefen da ke kishiyar na Br, don ta gaba Br ya tare hanya. Sauran ukun da ke jikin karbon sai su juye zuwa ɗaya gefen. Juyin da Paul Walden ya gano ke nan a 1896, kuma shi ne dalilin da za ku ga layin da ke da kauri da mai ɗigo-ɗigo sun sauya fasali a hannun dama na shafin. Wannan shi ne SN2, mataki ɗaya, babu zango.

Shafin da ke biye yana kama da shi, amma a nan ne ake zubar da maki. An sa (CH₃)₃C–Br cikin ruwa. Karbon na tsakiya ƙungiyoyin CH₃ uku sun kewaye shi, babu ƙofar baya, ruwa kuma ba mai zafin hari ba ne. Saboda haka kibiya ta farko ita kaɗai ce, daga layin C–Br zuwa Br. Karbon ya rage da ɗauri uku da cajin ƙari. Sannan tagwayen O na ruwa su sauka kansa. Yanzu O yana da ɗauri uku, don haka cajin ƙari ya koma kansa, kuma wannan ƴar alamar + ɗalibai suka fi mantawa. A mataki na uku wani ruwan ya zo ya cire H ɗaya, elektiron ɗin layin O–H su koma kan O. Wannan shi ne SN1. Ku nemi kalmar lente, wato mai jinkiri, a kan kibiyar mataki na farko. Ba ado ba ce. Ita ke gaya muku cewa saurin aikin duka ya rataya kan fitar Br, shi ya sa lissafin saurin ya bambanta da na shafin baya:

```
SN2 : v = k[CH₃Br][HO⁻]
SN1 : v = k[(CH₃)₃CBr]
```

Lambar 1 da 2 a waɗannan sunaye, da Hughes da Ingold suka kafa a Landan cikin shekarun 1930, yawan sinadaran da ke cikin matakin da ya fi jinkiri suke nufi. Kada wani ya ce muku yawan matakai ne, ga shi SN1 ya fi SN2 matakai.

Ƙirgar caji ku ɗauke ta kamar lissafin ɗan kasuwa da yamma: abin da ya shiga da abin da ya fita dole su yi daidai. In jimillar caji a hagu ragi ɗaya ce, a dama ma ragi ɗaya. Bayan kowane mataki ku duba, ba sai ƙarshe ba. Atom da kibiya ta taso daga tagwayensa cajinsa ya hau da ɗaya, wanda ta sauka kansa ta zama tagwayensa cajinsa ya sauka da ɗaya.

Kuskure guda na fi gani a takardun da kuka nuna mini, kuma masu gyara ba sa yafe shi: jan kibiya daga H⁺ zuwa wani abu. H⁺ ba shi da elektiron ko ɗaya, me zai bayar? Kibiya zuwa gare shi take. Ku gwada da CH₃–CH=CH₂ da HBr. Wutsiya kan layi na biyu na C=C, kai kan H, sannan wata daga H–Br zuwa Br. Tambayar ita ce wane karbon zai karɓi H. In na gefe ya karɓa, cajin ƙari zai zauna kan na tsakiya, inda maƙwabta biyu ke tallafa masa, kuma ya fi samun natsuwa a nan. Br⁻ ya sauka can, a sami CH₃–CHBr–CH₃. Dokar Markovnikov ke nan, kun fito da ita da kanku ba tare da hadda ba. In kuka ga an rubuta ROOR a kan kibiyar shafin, labari ya sauya: kibiyoyi masu rabin kai ne za su yi aiki, Br kuma ya koma kan karbon na gefe.

Abubuwa biyu a gurguje. Zanen nan mai karye-karye yana ɓoye H, don haka karbon da ake aiki a kansa ku fito masa da H ɗinsa duka kafin ku ja komai. Sannan kada ku haɗa ↔ da ⇌. Ta farko abu ɗaya ne aka zana ta fuska biyu, atom ko ɗaya bai motsa ba. Ta biyu aiki ne mai tafiya gaba da baya.

Shafin ester na fi so ku daɗe a kai, don abin da ke cikinsa kuna ganinsa a unguwa. Matan da ke haɗa sabulu da man gyaɗa da soda, suna juyawa da muciya har ya yi kauri, wannan zanen ne ke gudana a robarsu. Kowace ƙwayar man tana ɗauke da ester uku, saboda haka NaOH uku take ci. HO⁻ ya kai hari kan karbon na C=O, layi na biyu ya hau kan O, ya zama O⁻. A nan karbon bai kori kowa ba tukuna, don ya sami inda zai tura elektiron. Sannan O⁻ ya dawo da su ƙasa, C=O ya sake tsayuwa, RO⁻, wato ɓangaren gilisarin, ya fita. Mataki na ƙarshe ƙarami ne a shafin amma shi ke rufe ƙofa: RO⁻ ya fizge H daga asid ɗin da aka samu. pKa na asid ɗin kusan 5 ne, na ROH kusan 16, tazarar ta yi yawa har babu komowa. Abin da ya rage gishirin asid mai doguwar sarƙa, shi ne sabulun, da gilisarin. Wannan salo na hawa da saukowa kan C=O za ku sake cin karo da shi a shafuka da dama na gaba, abin da ke shiga da wanda ke fita kawai ke sauyawa. Wanda ya iya shi ya rage wa kansa babban kaso na babin.

Game da lokacin da ya rage, kada ku bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ku ware su gida-gida: na musanya, na cirewa wato E1 da E2, na ƙari kan C=C, na C=O. A kowane gida ku zaɓi misali ɗaya ku zana shi kuna kallo, kuna faɗin kowace kibiya da baki: daga ina, zuwa ina, saboda me. Ku kife salular ku sake zanawa. Washegari ku sauya Br da Cl, ko HO⁻ da CN⁻, ku ga ko hannunku zai kai ku. Masu karatu da dare, ku sauke fayil ɗin ku buga shafukan da suka fi cunkoso a takarda, don ɗigon tagwaye ba ya fitowa sosai a fuskar salula, ga kuma ɗaukewar wuta.

Ranar Asabar bayan la'asar, in Allah ya kai mu, zan zauna a ajin da muka saba. Kowa ya zo da zanensa na SN1 da na sabulu, wanda ya yi da hannunsa ba da kallo ba. E1 da E2 za mu yi a kan allo, zan kawo alli mai launi.