Takardar tantance abinci: majinyacin gado na 6, ɗakin masu ƙuna

Talata, 14 ga Janairu, ƙarfe 11 na safe. Kwana na 5 da ƙonewa. Dubawa ta farko daga sashen kula da abincin marasa lafiya, bisa buƙatar likitan tiyata.

Tarihi

Namiji ne, ɗan shekara 34, tela, mazaunin Fagge, da mace ɗaya da 'ya'ya uku. Ranar Alhamis da daddare yana ƙara wa janareta fetur bai kashe shi ba, wuta ta kama galan ɗin ta kama rigarsa. Likitoci sun auna ƙunar ta kai kashi 35 cikin ɗari na fatar jiki: ƙirji da ciki 18, hannun dama 9, hannun hagu 4, gaban cinyoyi 4. Kusan kashi 12 ta yi zurfin da sai an yi dashen fata. Fuska da baki lafiya, bai shaƙi hayaƙi ba, yana haɗiya ba matsala. Ba shi da ciwon suga ko na ƙoda, babu abincin da jikinsa ke ƙi.

Awo da gwaje-gwaje

Tsawo santimita 172. Nauyinsa na yau kilo 67 ne, amma ban yi aiki da shi ba, domin akwai kumburin ruwan da aka ƙara masa da nauyin bandeji a ciki. Katinsa na asibiti na watan Nuwamba ya nuna kilo 64, matarsa kuma ta ce bai rame ba tun lokacin. Saboda haka duk lissafin da ke ƙasa a kan kilo 64 aka yi shi. Ma'aunin nauyi da tsawo 21.6, wato wutar ta same shi a daidai, amma ba shi da wata ajiyar tsoka ta a zo a gani. Ba a iya auna damtse ba, hannayen biyu a naɗe suke.

Zafin jiki 38.3, bugun zuciya 112. Fitsari yana fita yadda ake so. Yuriya da kirayatinin daidai, don haka ƙoda ba za ta hana mu ɗaga furotin ba. Himogulobin 10.2. Fotashiyam 3.6. Fosfet 0.72, ya yi ƙasa. Sukarin jini tsakanin 7.9 da 9.4 a kwana biyun nan. Albumin 22, CRP mai nuna kumburin jiki 148. Ina roƙon kada a ɗauki albumin ɗin nan a matsayin ma'aunin cin abincinsa. A jikin da ya ƙone, albumin yana tsiyayewa ta jijiyoyi da ta ciwon, hanta kuma ta juya ga wani aikin, ba zai tashi ba sai kumburin jiki ya lafa, ko me muka ba shi. Ba a yin gwajin zinki da tagulla da seleniyam a ɗakin gwajinmu.

Abin da yake ci

Nan ne damuwata take. Na zauna da matarsa da yayansa muka bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyun farko ruwa kawai da shayi. Daga Lahadi: koko kofi ɗaya da safe, cokali biyar ko shida na shinkafa da miya da rana, shayi da burodi da dare, sai lemon kwalba biyu. A ƙiyasina kalori 900 ke nan da furotin giram 25 a rana. Bai kai rabin abin da mai lafiya ke buƙata ba, balle wanda jikinsa ke ci kamar an hura wuta a murhu. Giɓin da ya taru tun ranar Alhamis ya haura kalori 8,000.

Dalilan ba ɗaya ba ne. Zafin ciwo yana kashe masa sha'awar abinci. Ba ya iya riƙe cokali, yana kuma jin nauyin a riƙa ba shi a baki a gaban mutane. Wankin ciwo yana faɗawa daidai lokacin karin kumallo, bayan an gama kuma ya galabaita. Kwana uku bai yi bayan gida ba, maganin kashe zafi na da hannu a ciki. Sannan 'yan uwa sun hana shi ƙwai da nama da madara, saboda an gaya musu suna sa ciwo ya yi ruwa. Da kyakkyawar niyya suka yi, kuma ba wanda ya zauna ya yi musu bayani kafin yau.

Lissafin buƙata

Ba mu da na'urar auna kuzari ta numfashi, sai lissafi:

```
Curreri: (25 x 64) + (40 x 35) = 3000 kcal
Harris-Benedict: 1577 x 1.6 = 2523 kcal
```

An san lissafin Curreri yana wuce gona da iri, cusa abinci fiye da kima kuma yana ɗaga suga ya tara kitse a hanta. Na tsaya a kalori 2,600 a rana, kusan 40 ga kowane kilo.

Furotin: shawarar da ESPEN, ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai, ta bayar a 2013 ga manya masu babbar ƙuna ita ce giram 1.5 zuwa 2 ga kowane kilo. Na ɗauki na sama, giram 128 a rana, domin ciwon a buɗe yake yana ta zubar da ruwa mai furotin. Sitaci da suga giram 360, ƙasa da iyakar giram 460 da jiki mai nauyinsa zai iya sarrafawa. Mai giram 72, kar a wuce.

Fitsarin awa 24 da aka tara jiya ya nuna naitirojin giram 14:

```
Shiga: 25 / 6.25 = 4 g
Fita: 14 + 4 + (0.12 x 64) = 25.7 g
Bambanci: -21.7 g
```

Ma'ana, kullum yana cin naman jikinsa. Ko mun kai giram 128 ɗin, shiga za ta zama 20.5 ne, da sauran giɓi. Abinci zai rage asarar sosai, amma ba za ta tsaya ba sai an rufe ciwon, don haka nake goyon bayan a yi dashen farko a makon nan kamar yadda aka tsara.

Matsalar da aka gano

Ƙarancin kuzari da furotin mai tsanani, da ƙaruwar buƙatar bitamin da ma'adinai, sakamakon ƙunar kashi 35. Hujja: yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na kalori da ɗaya cikin biyar na furotin, ga fosfet ya sauka.

Tsari

A saka masa robar hanci yau. Da so samu ne, da an saka ta cikin awa 6 zuwa 12 na farko, domin ciyar da hanji da wuri yana kare shi daga gyambon ciki da kutsen ƙwayoyin cuta. Ya ƙi da farko, yana ganin alamar ciwo ya yi tsanani ce. Na ce masa: "Malam, ba don ka kasa ba ne, aikin ne ya fi ƙarfin baki shi kaɗai, kuma za ka ci gaba da cin tuwonka." Ya amince, yayansa ma ya amince.

Abincin gwangwani na roba ya fi tsafta da daidaito, amma iyalin ba za su iya ɗaukar kuɗinsa na makonni ba, ga magani ga tiyata. Kicin ɗin asibiti zai dama kunu kamar haka, kowane awo ɗaya: garin gero giram 30, garin waken suya gasasshe giram 20, madarar gari giram 30, sukari giram 10. Ya ba da kusan kalori 385 da furotin giram 18. A dafa shi ya nuna, a tace da rariya mai laushi, a ba shi ta roba sau uku: ƙarfe 10 na safe, bayan la'asar, da ƙarfe 10 na dare. A ɗaga kan gado, a tura a hankali da sirinji, a wanke robar da tafasasshen ruwan da ya huce, mililita 30, kafin da bayan. Wanda ya wuce awa biyu da damawa a zubar.

Ta baki: dafaffen ƙwai uku a rana, furotin giram 18. Da rana shinkafa da wake da kifi giram 100, kusan furotin 32. Da dare tuwo da miyar kuka ko zogale da naman kaza giram 80, kusan 25. Goba ko lemon zaƙi, a wanke da kyau. Jimilla kusan kalori 2,600 da furotin 129. Duk abincin da ya bar fiye da rabinsa, a rama da ƙarin kunu ɗaya. Lemon kwalba a daina, yana cika masa ciki yana ɗaga suga. Fura da nonon talla da ƙanƙarar leda su jira sai ya warke.

Saboda fosfet ya yi ƙasa kuma ya kwana biyar ba ya cin abin kirki, ba za mu afka gaba ɗaya ba. Yau rabin adadin, gobe kashi uku cikin huɗu, Alhamis cikakke. Ina neman likita ya gyara fosfet, ya fara bitamin B1 kafin kunun farko, a kuma duba fosfet da fotashiyam da magniziyam kullum har kwana uku.

Sauran abin da nake ba likita shawara ya rubuta: bitamin C miligiram 500 sau biyu a rana, zinki salfet miligiram 220 sau ɗaya, haɗin bitamin na yau da kullum mai D da E. Zinki da tagulla da seleniyam suna bin ruwan ciwo su fita da yawa a makon farko, su ne kuma ginshiƙin haɗewar fata da garkuwar jiki. In kantin magani na da haɗinsu na ƙarin ruwa, shi ya fi, na kwana 7 zuwa 8 ga ƙuna mai wannan girma. In babu, a tuna zinki na baki yana tare wa tagulla hanya a hanji, don haka a sa dafaffiyar hanta giram 50 sau biyu a mako a madadin kaza. Hanta na da bitamin A mai yawa, ba sai an ƙara wani daban ba. Maganin ƙarin jini mai ƙarfe a dakata da shi tukuna yayin da yake zazzaɓi.

Ga ma'aikatan jinya

Don Allah a ba da maganin zafi minti 30 kafin abinci, a matsar da wankin ciwo zuwa bayan ya karya. A ja labule lokacin da matarsa ke ba shi. A rufe taga, sanyin hunturun nan yana ƙara masa ƙona kuzari. Ranar tiyata a tambayi likitan sa barci ainihin lokacin da za a tsayar da abinci. In an ɗage aikin, a dawo da ciyarwa nan take, kada ya wuni da yunwa a banza. Na manna takardar rubuta ci a jikin gado, a rubuta abin da ya shiga cikinsa, ba abin da aka kawo ba. Suga sau huɗu a rana, in ya haura 10 sau biyu a jere a kira likita. A sanar da ni in ya yi amai, ko ciki ya kumbura, ko gudawa ta wuce sau uku. A duba batun maganin sassauta ciki.

Na yi wa matarsa da yayansa bayani cewa ruwan da suke gani daga ƙunar yake, kuma da ƙwai da naman nan jiki zai saƙa sabuwar fata. Yayan ya ce zai gaya wa mahaifiyarsu da kansa, ita ce ta fi riƙe maganar. Matar ta maimaita min tsarin daidai.

Awon nauyi sau biyu a mako, ba bandeji, lokacin wankin ciwo. Burinmu ya kai kashi 90 na adadin nan da Juma'a, kada kuma ya sauka ƙasa da kilo 58 a duk zamansa. Zan dawo Alhamis da safe, in sake lissafi bayan kowace tiyata, a sake tara fitsarin awa 24 ranar Litinin.

Jami'ar kula da abincin marasa lafiya, ɗakin masu ƙuna.