Neman tabbacin ranar lacca da sauran shirye-shirye

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
27 ga Oktoba, 2025

Assalamu alaikum, Hajiya Likita.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da iyali, ina rubuto miki a madadin kwamitin iyaye da malamai na makarantarmu domin mu yi godiya bisa amincewar da kika yi ki gabatar mana da lacca kan cutar sikila da gwajin jini kafin aure, kuma mu nemi ki tabbatar mana da wasu abubuwa kafin mu buga katin gayyata.

Kwamiti ya tsayar da ranar Asabar, 15 ga Nuwamba, a babban ɗakin taro na makaranta. Idan ranar ta ci karo da aikinki na asibiti, Asabar ta gaba ma a buɗe take.

Za a buɗe taro da addu'a da ƙarfe goma na safe, ke kuma ki hau mumbari da sha ɗaya. Da yake daga Zariya za ki taso, kuma cunkoson Na'ibawa ba ya da tabbas ko da ranar Asabar ce, muna roƙon ki sanar da mu lokacin da kike sa ran isowa, domin mu sa wanda zai tarbe ki a bakin Titin Zariya. Idan kin fi son ki kwana a Kano ranar Juma'a, masauki yana wuyanmu.

Mun ware miki minti 40 na jawabi da minti 20 na tambayoyi. A ganina, minti 20 ɗin nan ba zai isa ba, domin tun da aka sa hannu kan dokar tilasta gwaji kafin aure a Jihar Kano a 2024, iyaye suke ta tambayarmu abin da AS da SS suke nufi da kuma yadda za a yi idan sakamako ya fito bayan an riga an sa rana, mu kuwa malaman makaranta ne, ba mu da amsa. Idan kina ganin a ƙara lokaci, muna da sarari har ƙarfe ɗaya saura kwata, lokacin da za mu tashi saboda sallar Azahar. Yawancin mahalarta iyaye ne, don haka da Hausa muke fatan a yi laccar.

Muna da lasifika, makirufo biyu da janareta. Majigi aro za mu yi, sai ki gaya mana ko kina buƙatarsa, kuma ko kwamfutarki tana da mashigar HDMI. Tagogin ɗakin manya ne, ba su da labule, saboda haka ƙananan rubutu ba sa fitowa ga waɗanda suke zaune a baya. Idan akwai takardun da za a raba, ki aiko mana mu buga.

Muna fatan samun amsarki kafin ranar Litinin, 3 ga Nuwamba. Allah ya saka da alheri, ya kawo ki lafiya.

Wassalam,
Sakataren Kwamitin Iyaye da Malamai