Bayani ga masu koyon montaj: daidaita bidiyon rakiyar amarya da ya girgiza

Bidiyon da za ku yi aiki a kansa wannan mako shi ne na rakiyar amarya da aka ɗauka da waya a nan Tahoua, mai ɗaukar yana tafe cikin jama'a, girman hoton 1920 a 1080. Ku fara da yanke iya wajen da za a yi amfani da shi, sannan ku ɗora masa Warp Stabilizer a Premiere Pro, ku jira ya gama nazari.

Abin da manhajar take yi shi ne ta bi sawun wasu ɗigo-ɗigo a cikin hoton, kamar kusurwar ƙofa ko fitilar mota, ta auna yadda suka motsa, sannan ta tura kowane hoto zuwa ɓangaren da ya saba wa motsin. Idan abin da ke cikin hoton ya zame dama, sai ta maido da hoton hagu, amma a gefen da aka janye babu komai sai baƙi, domin kamera ba ta ɗauki wurin ba. Don ta ɓoye wannan baƙin ne take datse gefuna, ta kuma ƙara girman abin da ya rage. Idan girman ya kai kashi 120 cikin ɗari, hoton da ake gani a zahiri 1600 a 900 ne aka miƙe, shi ya sa kaifinsa yake raguwa, kan ɗankwalin amarya kuma yake fita daga allo.

Saboda haka kada ku bar Smoothness, wato saitin ƙarfin daidaitawa wanda yawansa ke ƙara datsewar, a kan 50 da yake zuwa da shi. Ku sauke shi zuwa 10, ku duba, ku ƙara kaɗan-kaɗan. Ɗan motsi a bidiyon biki ba aibi ba ne, a ganina ma ya fi a guntule wa mutane kawuna.

Lanƙwashewar hoto kuwa dalilinta biyu ne. Na farko, Subspace Warp, wato zaɓin da saitin Method yake zuwa da shi, yana gyara kowane sashe na hoton daban, alhali mutanen da ke kusa sun fi katangar da ke nesa saurin gilmawa, sai katangar ta riƙa kaɗawa kamar tutar da iska ke bugawa. Na biyu, kamerar waya tana karanta hoto layi bayan layi, don haka duk juyawar gaggawa tana karkata ginshiƙi tun a wajen ɗauka. Ku mayar da Method zuwa Position, Scale, Rotation, in bai yi ba ku koma Position kaɗai. Idan karkatar ta ci gaba, ku gwada Enhanced Reduction a ƙarƙashin Rolling Shutter Ripple, amma sai kun mayar da Method zuwa Perspective ko Subspace Warp, domin da su kaɗai yake aiki.

Akwai daƙiƙu kaɗan, daidai ƙofar gidan ango bayan magariba, inda fuskoki suke dusashewa a kowane taku. Wannan dishi-dishin ya riga ya shiga cikin hoton saboda ƙarancin haske, babu saitin da zai cire shi. Ku yanke wajen, ku rufe shi da hoton masu guɗa.