Wasannin Inuwa a Rana: Jagorar Malamai don Yara 'Yan Shekara Huɗu da Rabi zuwa Shida

An tsara wannan jagora don aji mai yara ashirin da malamai biyu, a rana ɗaya da gari ya yi wasai babu gajimare. Za a fita sau uku: ƙarfe 8:30 na safe, ƙarfe 10:30, da ƙarfe 12:30. Ajin da ke kaiwa la'asar sai ya ƙara fita ta huɗu da ƙarfe 3:30, kuma ita ce ta fi burge yara, domin a lokacin inuwa ta koma ɗaya ɓangaren gaba ɗaya.

Abin da muke so yaro ya gane guda uku ne. Haske yana tafiya ne a miƙe, ba ya zagaye abu. Inda jiki ya tare haske, nan inuwa take bayyana, kuma kullum tana ɓangaren da ba rana ba. Sannan tsawonta da inda ta fuskanta suna canzawa daga safe zuwa yamma. Ba sai an yi wa yara wannan bayani a tsaye ba. A wannan shekarun, abin da suka gani da idonsu suka auna da ƙafarsu shi yake zama.

Kayan aiki da shirin wuri

Ku tanadi alli mai kauri kala huɗu, kala ɗaya ga kowace fita, igiya ko zaren ulu kamar mita 60, almakashi, wanda zai zauna a hannun malami, sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya, bokiti cike da yashi, duwatsu huɗu masu faɗi, kwali mai kauri da aka yanka siffar da'ira, murabba'i da alwatika, guda bakwai-bakwai, faɗin kowanne kamar santimita 20, ƙwallo biyu, farin zanen gado, leda mai kala wadda ake hango abu ta cikinta, da kwalbar roba garai-garai.

Kwana ɗaya kafin wasan, ku je filin a waɗannan lokuta ku duba. Wurin da rana ta cika da ƙarfe goma yana iya kasancewa ƙarƙashin inuwar gini ko bishiya da ƙarfe takwas da rabi, kuma wannan shi ne abin da ya fi ɓata darasin nan. Ku zaɓi daɓe mai laushi wanda bai karkata ba. Idan ƙasa ce zalla, tsinke zai maye gurbin alli, sai a jera ƙananan duwatsu a kan layin kada ƙafa ta share shi.

Kafin a fita, a kafa doka ɗaya a maimaita ta tare: ba a kallon rana, inuwa ake kallo. Kallon rana kai tsaye yana lahanta ido ko da na ɗan lokaci ne, kuma tabarau na yau da kullum ba ya karewa. Idan za a nuna inda rana take, yaro ya ɗaga hannu ya nuna ta alhali idonsa na ƙasa. Kowa ya sa hula da takalmi, a fita da ruwan sha.

Ƙarfe 8:30: sallama da inuwa, da wasan taka inuwa

Yara su ba rana baya. Malama ta ce, "Yara, ku ɗaga wa inuwarku hannu. Ta amsa?" Daga nan a durƙusa, a tsaya da ƙafa ɗaya, a buɗe hannuwa. Sai a tambaye su, "Wa zai iya gudu ya bar inuwarsa a baya?" Ku bar su su gwada sosai. Akwai hanyoyi biyu da sukan gano da kansu: tsalle, inda inuwa ke rabuwa da ƙafa na ɗan lokaci, da shiga inuwar gini, inda take ɓacewa. Duka biyun abin tsayawa ne a tambaya: "Me ya sa ta ɓace a nan?"

Wasan taka inuwa na minti biyar ne. Yaro ɗaya yana bi, wanda aka taka inuwarsa shi zai karɓa. A raba ajin gida biyu, goma-goma, a shata iyakar fili. Yara suna gudu idonsu na ƙasa, saboda haka karo yana da sauƙi. Idan filin ƙarami ne a mayar da gudun tafiya da sauri. Ku riƙe wannan wasan don a sake shi da tsakar rana, za ku ga dalili.

Zanen inuwa, wanda shi ne ƙashin bayan darasin

A haɗa yara biyu-biyu. Ɗaya ya tsaya, a zana da'ira kewaye da ƙafafunsa, a rubuta sunansa a gefe, daga baya su yi musanya. Wannan da'irar ita ce komai. Idan yaro bai koma daidai cikinta ba a fita ta gaba, ba za a san ko inuwa ce ta matsa ko shi ne ya matsa ba.

Ku jera da'irorin a layi daga kudu zuwa arewa, taku uku na babba tsakanin kowace biyu. Da safe inuwa tana miƙewa yamma, don haka a wannan jeri inuwoyin za su kwanta gefe da gefe. Idan aka jera yara daga gabas zuwa yamma, inuwar wannan za ta hau ƙafar wancan, zanen ya cakuɗe.

Mai zane ya fara daga kai, ya tsuguna a can gaba da kan inuwar ko a gefenta. Idan ya tsuguna tsakanin rana da zanen, inuwarsa ce za ta rufe layin da yake bi. Kada zanen ya wuce minti biyu, domin ɗan shekara biyar ba ya daɗewa a tsaye cak. Hannu a kan ƙugu ya fi sauƙin riƙewa bisa hannu a sama. Kada ku damu da kyan zane. Kai da kafaɗu da layin gefe sun isa.

Sai awo. A shimfiɗa igiya daga tsakiyar da'ira zuwa ƙarshen kan inuwa, malami ya yanke, a liƙa mata takarda mai sunan yaro da lokaci. Wanda yake son awo da ƙafa, dunduniya na taɓa yatsa, yana iya yi, amma yaro ɗaya ne zai auna a duk fitar, tunda ƙafafu ba girmansu ɗaya ba.

Da ƙarfe 10:30 kowa ya koma da'irarsa ya ba rana baya, a zana da wata kala. Amma kafin a fita, ku tambaya: "Kuna ganin inuwar za ta shiga cikin zanen ɗazu?" Yawancinsu za su ce eh. Kada ku gyara musu. Mamakin da za su yi a fili ya fi kowane bayani, kuma za ku ga wasu suna karkata jiki suna neman cusa inuwar cikin tsohon layi.

Don malami ya san abin da zai gani: idan rana ta ɗago digiri 30 daga ƙasa, yaro mai tsawon santimita 110 inuwarsa tana kai kusan santimita 190. A digiri 45 inuwa da mai ita tsawonsu ɗaya. A digiri 60 ta ragu zuwa kamar santimita 64. Lokacin da rana ke kai waɗannan matakai ya danganta da wuri da watan shekara. Haka ma inuwa mafi gajarta ba lallai ta zo da ƙarfe 12 daidai ba, tana zuwa ne lokacin da rana ta kai ƙololuwarta. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya akwai ranakun da take taruwa a ƙarƙashin ƙafa kamar babu ita.

Siffofi, bayan zanen ƙarfe 10:30

A shimfiɗa farin zanen a ƙasa, a danne gefensa. Kowane yaro ya ɗauki kwali ɗaya ya riƙe shi da gefe, faɗinsa na fuskantar rana. A fara da gane siffa: wannan inuwar ta mece ce? Daga nan a juya kwalin a hankali. Da'ira za ta tsuke ta zama kamar ƙwai, ta ci gaba da tsukewa har ta koma siririn layi idan bakin kwalin ne ke fuskantar rana. A nan ku daɗe, domin nan yaro ke gane cewa abu ɗaya yana iya ba da inuwa iri-iri. Sai a miƙa musu ƙwallo su juya ta yadda suka ga dama. Inuwarta ba ta canzawa, domin ta kowane gefe iri ɗaya ce.

Yara biyu za su iya haɗa alwatika a kan murabba'i su fitar da gida. A gwada kwali, leda mai kala, da kwalbar roba: kwali yana ba da baƙar inuwa, leda tana ba da mai kala, kwalba kuma mai rauni ƙwarai, gwargwadon hasken da kowanne ya bari ya wuce.

Akwai kuskuren da malamai kan yi a nan. A ɗaki, idan aka matso da abu kusa da tocila, inuwarsa tana girma. A rana ba haka ba ne. Rana tana da nisa ƙwarai, ɗaga kwali sama da mita ɗaya ba ya ƙara girman inuwarsa yadda ido zai gani, sai dai bakinta ya dusashe. Don haka kada ku ce wa yara su ɗaga ta yi girma. Ku ce su ɗaga su dubi bakinta.

Sandar agogo

Tun fitar farko a kafa sandar a bokitin yashi, a tabbatar ta miƙe, a zana da'ira kewaye da gindin bokitin don a gane idan an ture shi. A kowace fita yaro ɗaya ya ajiye dutse a ƙarshen inuwar, malami ya rubuta lokaci a jikin dutsen. Da safe ko minti goma sha biyar sun isa a ga inuwar ta bar dutsen, saboda haka a sake dubawa kafin a koma aji.

Ƙarfe 12:30 da komawa aji

Wannan fitar kada ta wuce minti goma. Ku taɓa daɓen da bayan hannu tukuna. Idan ya yi zafi, yara kada su tsuguna a kai, malami ya yi alama a ƙarshen inuwa kawai a yanke igiya. A sake taka inuwa na minti biyu. Za su koka cewa wasan ya yi wuya, sai ku tambaye su me ya canza tun safe.

A cikin aji, a rataye igiyoyin kowane yaro a jere a bango, kan su a layi ɗaya, shi kuma ya tsaya kusa. Wacce ta fi shi tsawo? Wacce ya fi? Ina rana take lokacin da aka yanke doguwar?

Wani zai tambaya me ya sa inuwarsa ba ta da ido, ko me ya sa jar rigarsa ba ta fito ja ba. Ku ce masa inuwa wuri ne da haske bai kai ba, ba hoto ba ce irin na madubi. Wani kuma zai ce rana ce ke tafiya. Haka ido yake gani, kuma a wannan matakin "rana ta canza wuri a sama" ya wadatar. Wanda ya nace, a gaya masa duniya ce ke juyawa, sau ɗaya a awa 24, a nuna masa da ƙwallo da tocila.

Idan gajimare ya rufe rana ana tsaka da wasa, kada a koma aji nan take. Ku bar yara su nemi inuwarsu su rasa, su ga dawowarta idan ya wuce. Idan ya rufe har aka rasa fita ɗaya, a bar da'irorin da bokitin yadda suke, washegari a fita a daidai lokacin da aka rasa a cike zanen. Bambancin kwana ɗaya ba ya canza inuwa yadda yaro zai lura.